Darasi na Bakwai: Kuɗin Yinin Mai Aikin Hannu

Wanda ya je Iddo da sassafe, inda tsohuwar tashar jirgin ƙasa take, zai ga ana sauke buhunan shinkafa da wake, kuma kowane buhu da farashinsa. Ɗan kasuwa ya san nawa ya saro, ya san kuɗin mota da na 'yan dako, saboda haka idan aka taya masa ƙasa da uwar kuɗi, sai ya ce albarka, ya kau da kai. Mai aikin hannu ba ya samun wannan sauƙin. Tela da mai gyaran waya da mai wayarin da mai ɗaukar hoton biki da mai ƙunshi da mai zanen talla a kwamfuta, abin da suke sayarwa shi ne yininsu, kuma da yawansu ba su taɓa zama sun lissafa nawa yinin nan yake ci ba. Shi ya sa za ka ga tela a Zangon Agege yana kwana a kan keke duk watan azumi, amma wata biyu bayan Sallah yana neman rancen kuɗin haya.

A wannan darasi za mu bi misalin tela guda ɗaya mai shago a Agege, wanda yake ɗinka kaftani da 'yar shara, yana kuma karɓar ɗinkin anko. Alƙaluman da za a gani na misali ne, an zaɓe su don lissafi ya yi sauƙi. Kowa ya cire su ya sa nasa, domin hanyar lissafin ce ake so a koya.

Yadda ake gano kuɗin yini

Telan namu zai fara da gida, ba da shago ba. A wata yana kashe naira 120,000 a abinci. Hayar ɗakinsa 360,000 ce a shekara, wato 30,000 a wata, ko da yake a dunƙule ake biya. Kuɗin makarantar yara da magani 25,000, sannan yana aika wa mahaifiyarsa 25,000 a arewa. Wannan aiken ba alfarma ba ne da za a bari sai an samu rara, ga ɗan arewa mazaunin Ikko yana cikin abin da ya fito nema, don haka dole ya shiga lissafi. Gida ya tashi 200,000.

Sai shago. Haya 20,000 a wata, wuta da fetur na janareta 45,000, katin waya da kuɗin motar zuwa kasuwar Balogun 15,000, yaron shago 30,000. Akwai kuma 10,000 ta allura da man keke da gyara da ɗan abin da ake ajiyewa don ranar da keken zai mutu gaba ɗaya. Wannan ta ƙarshen ita ce aka fi mantawa, alhali kowane ɗinki yana cin wani abu daga ran keken. Shago ya tashi 120,000. Gida da shago 320,000 a wata, wato 3,840,000 a shekara.

A nan ne mafi yawan mutane suke kuskure. Sai su raba 320,000 gida talatin, su ga kusan 10,700, su ce duk ranar da suka sami wannan sun fita. To, amma wa yake aikin kuɗi kwana talatin a wata? Bari mu ƙirga kwanakin shekara da gaskiya. Cikin 365, a cire kwana ɗaya na hutu kowane mako, saura 313. A cire kwana 30 na ganin gida da hidimar Sallah biyu, a cire 13 na zazzaɓi da jinya da jana'iza da suna, saura 270. Cikin waɗannan akwai ranakun da tela zai buɗe shago ya zauna babu aiki, da ranakun da zai tafi sayen zare ya maƙale a cunkoson Oshodi, da na bin bashi, da na gyaran ɗinkin da aka dawo da shi. A ce sun kai 70. Abin da ya rage, kwana 200, su ne kwanakin da keke yake juyawa ana biya, kuma su kaɗai za su ciyar da kwana 365.

Idan aka raba 3,840,000 gida 200, za a sami 19,200. Wannan bakin uwar kuɗi ne kawai, babu ko sisin riba a ciki. A ɗora kusan kashi goma cikin ɗari, sai ya zama 21,000. Wannan shi ne kuɗin yinin telan namu, kuma ya kusa ninka abin da ya zata da farko. Daga nan farashin kowane aiki yana fitowa da kansa. Kaftani mai sauƙin aiki a wuya da aljihu yana cin rabin yini, wato 10,500. Zare da maɓalli da sauran kayan haɗi 2,500. Kuɗin ɗinki 13,000 ke nan.

Wani zai ce, idan maƙwabcinsa yana ɗinka irin wannan kaftanin a 9,000 fa? Tambaya ce mai kyau, kuma lissafi ba ya tilasta wa kasuwa. Amma yana nuna wa tela inda ciwon yake. Ko dai ya rage abin da yake kashewa, misali ya haɗa janareta da wani, ko ya ƙara sauri, ko ya koma irin ɗinkin da ba kowa ya iya ba, kamar babbar riga mai aikin hannu, inda ake biyan gwaninta. Abin da bai kamata ba shi ne ya bi maƙwabci ido rufe. Mai yiwuwa maƙwabcin a shago yake kwana, ba shi da iyali, ko kuwa faɗuwa yake yi bai sani ba.

Lissafin nan kuma yana tsufa. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500. Duk telan da ya ci gaba da karɓar tsohon farashi a watan Yuni na shekarar, daga aljihunsa ya riƙa cika wa masu kaya kuɗin mai. Saboda haka a sake lissafi duk wata uku, da kuma duk lokacin da fetur ko haya suka motsa. Idan an faɗa wa mutum farashi, a gaya masa na mako biyu ne, bayan nan sai an sake magana.

Kaftani ashirin na anko

Wata rana wani Alhaji ya shigo shagon da bandir ɗin shadda. Ɗan uwansa zai yi aure, yana son kaftani 20 na abokan ango cikin kwana goma.

"Maigida tela, dubu takwas takwas zan ba ka. Ka sa zarenka, bayan biki mu yi lissafi. Ka kwantar da hankalinka, manyan mutane ne za su sa, daga nan aiki sai ka ture."

Naira 160,000 a dunƙule tana da daɗin ji, musamman a watan da babu ciniki. Amma a cire 50,000 ta kayan haɗi, saura 110,000. Kaftani 20 aikin kwana goma ne, don haka yini ya tashi 11,000 maimakon 21,000. Telan zai yi kwana goma yana aiki tuƙuru, ya tashi da giɓin 100,000, bayan ya ranta wa Alhaji 50,000 ta zare ba tare da takarda ba. A kwanakin nan kuma duk wanda ya kawo ɗinki ɗaya na cikakken farashi sai dai a ce ya yi haƙuri.

Ba a cewa aikin da yawa bai cancanci ragi ba. Ya cancanta, amma gwargwadon abin da yawan ya sauƙaƙa. Tunda yadi iri ɗaya ne, zare iri ɗaya, yanka a zama ɗaya, ana iya gama aikin a kwana tara. Kwana tara 189,000, da kayan haɗi 239,000, wato kusan 12,000 kowanne. Nan ne ragin ya tsaya. Ga yadda telan ya amsa:

"Ranka ya daɗe, na gode da ka tuna da ni. Ɗaya nakan ɗinka dubu sha uku, amma saboda yawansu zan yi maka sha biyu sha biyu, dubu ɗari biyu da arba'in ke nan. Ka ba da rabi kafin alƙalami, rabi ranar ɗauka. Idan dubu takwas ce a hannu, zan iya yin su ba aiki a wuya, ɗinki zalla, sai mu sake lissafi."

A lura da abin da ya yi. Bai yi fushi ba, bai ce an raina shi ba, kuma da aka nemi rage kuɗi sai ya rage aiki. Wannan ita ce hanyar ciniki ga mai aikin hannu: duk abin da aka zabge daga farashi, a zabge kwatankwacinsa daga aikin. Rabin da ya nema, 120,000, ya biya kayan haɗi gaba ɗaya da aikin kwana uku da ɗoriya. Ko da Alhaji ya ɓace, tela bai sa kuɗinsa a ciki ba, kuma shaddar tana hannunsa. Ƙa'idar kafin alƙalami ke nan: kada ya gaza kuɗin kayan aiki da wani yanki na wahala. Mai wayarin da zai sayo waya da soket, ko mai hoto da zai yi hayar kyamara ta biyu, su ma haka za su auna nasu.

Bayan an daidaita, sai a rubuta. Musulmi bai kamata ya ji nauyin wannan ba, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Takardar ba ta buƙatar lauya. A rubuta yawan kaya da irin aikin, da farashi, da abin da aka bayar, da saura, da ranar ɗauka, da cewa gyara sau ɗaya kyauta ne amma canjin fasali bayan an yanka da kuɗinsa. Idan mai kaya ba ya jin Hausa, kamar yadda yake faruwa kullum a Ikko, a rubuta da harshen da ku duka kuke ji. In takarda ta gagara, a tura masa wannan bayani ta WhatsApp, a roƙe shi ya amsa cewa ya yarda, a kuma bar saƙon kada a goge.

Wanda ya kamata a ce wa a'a

Mugun mai kaya yakan nuna kansa tun kafin a taɓa almakashi, in dai an saurara. Alhajin nan ya nuna alama biyu: ya ƙi maganar kafin alƙalami, ya kuma biya da alkawarin aikin gaba. Alkawari ba ya sayen fetur. Wanda zai kawo maka babban aiki gobe, ba zai ji ƙyashin biyan ƙaramin yau ba.

Akwai wata alamar da na fi jin tsoro, ita ce mutum ya shigo yana zagin telan da ya bari, da wanda ya gabace shi, duk a cewarsa macuta ne. Na taɓa karɓar aikin wani mai irin wannan baki lokacin ina ganin duk wanda ya shigo arziki ne. Sau uku yana dawo da kayan a canza, kowane zuwa da sabon ra'ayi, a ƙarshe ya karɓa ya ce zai turo saura da yamma. Har yau yammar ba ta yi ba, kuma na tabbata sunana ya shiga jerin macutan da yake lissafa wa na gaba. Abin da ya fi ciwo ba kuɗin ba ne, mutanen kirki biyu ne da na saɓa wa alkawari saboda aikinsa.

Sai dillali, wanda ba shi ne mai kayan ba, yana cewa sai an biya shi zai biya ka. Ba laifi a yi aiki da dillali, da yawa daga manyan ayyuka ta hannunsu suke zuwa. Amma cinikinka da shi ne, ranar biyanka ita ce ranar ɗauka, ko an biya shi ko ba a biya ba. In bai yarda ba, ya haɗa ka da mai kayan.

Ranar ɗauka ma tana da nata tarkon. Mutum zai nuna maka wayarsa cewa ya tura, ko saƙo ya shigo taka kamar daga banki. Saƙon ƙarya yana kama da na gaske ƙwarai. Abin dogaro ɗaya ne, ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun ƙaru. Idan ya ce matsalar sabis ce, to kayan su jira sabis ɗin.

Mafi wuya shi ne ɗan uwa da ɗan gari. A Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, wanda ya kawo maka aiki sau da yawa shi ne wanda ya sauke ka ranar da ka fara zuwa Ikko, ko kuna sahu ɗaya a masallaci. Ba a kallon idon irin wannan a ce sai ya biya rabi, kuma ban ce a yi hakan ga kowa ba. Shawarata ita ce ka yanke tun farkon shekara kwana nawa za ka bayar don zumunci, a ce biyar ko shida, ka yi su da zuciya ɗaya, ka faɗa a fili cewa kyauta ce. Abin da yake ɓata zumunci shi ne aikin da ba a san ko kyauta ne ko bashi ba. Idan kwanakin sun ƙare, akwai hanyar ƙi da ba ta zubar da mutunci: "Yaya, wallahi hannuna cike yake har bayan Sallah, kada in karɓa in ba ka kunya."

In kuwa an riga an ci kuɗinka, fara da manya: shugaban masu sana'arku, limamin unguwa, ko fadar Sarkin Hausawa. Galibi magana takan mutu a nan. In ta ƙi, tun 2018 jihar Legas tana da kotun ƙananan basussuka a cikin kotunan majistare, mai sauraron bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba. Ba dole sai da lauya ba, ana fara aika wa wanda ake bi takardar neman biya, kuma an tsara a kammala shari'ar cikin kwana 60. Amma ko a gaban manya ko a gaban alƙali, abin da za a fara tambaya shi ne shaida. Nan ne 'yar takardar nan take biyan wahalar rubuta ta.

Watan samu da watan rashi

A ce telan ya riƙe farashinsa, ya sami 4,200,000 a shekara bayan cire kayan haɗi. Kuɗin ba za su zo daidai wa daida ba. Wata uku, wato na azumi da na gab da Babbar Sallah da na bukukuwan ƙarshen shekara, zai sami 600,000 kowanne. Wata biyar zai sami 320,000. Wata huɗu kuwa 200,000 kacal, alhali gida da shago ba su san da wannan ba, 320,000 suke ci.

A watannin samu rarar 280,000 take fitowa kowane wata, 840,000 a haɗe. A watannin rashi giɓin 120,000 ne kowanne, 480,000 a haɗe. Ma'ana, fiye da rabin abin da yake gani kamar riba a watan azumi ba riba ba ne, abincin watannin rashi ne ya iso da wuri. Ribar gaskiya 360,000 ce a shekara. Wanda bai gane haka ba zai sayi sabuwar waya ranar jajibere, ya sayar da ita da asara bayan wata uku.

Maganin shi ne tela ya ɗauki kansa aiki. Duk kuɗin ciniki su shiga asusu ɗaya na shago, shi kuma ya riƙa cirar wa gida 200,000 a wata, ko an samu da yawa ko kaɗan. Kafin alƙalami kuwa ba nasa ba ne tukuna, amana ce har sai ya miƙa kaya. Telolin da ake kamawa da rigima daren Sallah, yawancinsu ba ɓarayi ba ne. Sun ci kafin alƙalamin wani sun sayi zaren wani, har lissafin ya kuɓuce musu.

Ina za a ajiye rarar? Adashi yana da amfani ga kuɗin da ake biya a dunƙule, kamar haya, in dai ka nemi kwasarka ta faɗo wata guda kafin ranar biya. A tuna cewa watan Musulunci yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, haya kuwa da watan Bature ake biya, don haka tazarar da ke tsakanin cinikin Sallah da ranar haya tana canzawa, sai a duba kalanda kowace shekara. Amma adashi ba ya fitowa ranar da yaro ya kwanta asibiti, kuma zubin watan samu yana iya zama sarƙa a watan rashi. A yi zubi daidai ƙarfin wata mafi rauni. Mai karɓar zubin kullum, wanda Yarabawa suke kira alajo, yakan ɗauki zubin kwana ɗaya a wata a matsayin ladansa, kuma amanarsa kaɗai ce jinginarka.

Kuɗin watannin rashi sun fi dacewa da banki mai lasisi, a asusun da ba ka yawo da katinsa. Hukumar NDIC tana ba da inshorar ajiya, kuma a 2024 ta ɗaga adadin zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankuna. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz. Duk wanda ya ce ka kawo ya ninka maka cikin wata guda, ka tuna da MMM, wadda ta rufe da kuɗin jama'a a Disamba 2016.

Ajiyar tsaba ma tana da nata ɓeran, wato tsadar kaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, wato naira 100,000 a lokacin tana sayen abin da kusan 74,000 ta saya shekara guda kafin nan. Saboda haka ba duka rarar za a bari a kwance ba. Abin da zai rufe giɓin watannin rashi ya zauna a banki, sauran a mayar da shi abin da tabbas za a buƙata kuma ba ya lalacewa: zare da maɓalli a saye su da yawa bayan Sallah lokacin da kasuwa ta lafa, a biya haya da wuri in mai gida ya yarda ya ba da rasit, a gyara keke tun ba a shiga ruguntsumin azumi ba.

Aikin gida

Ka sami littafi mai layi, ka rubuta duk abin da ya fita daga hannunka na gida da na sana'a har kwana talatin, ko da kuɗin ruwan leda ne. A gefe ka riƙa sa alama a kowace ranar da ka yi aikin da aka biya ka. Ka fitar da kuɗin yininka kamar yadda telan nan ya yi, sannan ka ɗauki ayyuka uku na ƙarshe da ka karɓa ka auna su da shi, ka ga wanne ya biya ka, wanne kai ka biya. Ka zo da littafin aji na gaba, da shi za mu yi darasi na takwas.